Wata Goma Sha Biyu Kafin Bikin Saudat

Ranar da dangin Mukhtar suka zo sa rana, Saudat tana ɗakin Gwaggo Bahijja a unguwar Mardjandafak, ta baje takardun jarrabawar ɗalibanta a kan tabarma tana dubawa. Malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare da ke Chagoua, ita ce ta uku kuma auta a 'ya'yan Malam Shu'aibu, dillalin shanu da raguna. Mahaifiyarta ta rasu tun tana shekara goma sha biyu. Tun daga lokacin Gwaggo Bahijja, ƙanwar mahaifinta mai sana'ar turaren wuta da humra, ita ta zame mata uwa.

Bayan la'asar Malam Shu'aibu ya yi sallama ya shigo. Ya zauna a bakin ƙofa, ya fuskanci ƙanwarsa kamar 'yar ba ta cikin ɗakin.

"An tsayar," in ji shi. "Baɗi, Asabar ashirin da ɗaya ga Fabrairu. Sun ce mako guda kafin azumi, a yi a gama."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Saudat ta sunkuyar da kai, amma hannunta na ƙarƙashin mayafi yana danna waya. Can ta matsa kusa da Gwaggo ta raɗa mata magana a kunne.

"Me take cewa?" in ji Malam Shu'aibu.

"Wai azumin bana suka duba. Bana ne azumi zai kama farkon Maris. Baɗi zai matso da kwana goma sha ɗaya, wajen sha takwas ko sha tara ga Fabrairu. Ranar da kuka sa, muna da azumi uku a baki."

Malam Shu'aibu ya ƙirga da yatsunsa, ya sake ƙirgawa, sannan ya fashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Dattawa bakwai muka zauna, da kalandar wani banki a gabanmu! Ashe da mun ɗaura aure an raba dabino an watse."

Ya tashi ya bi baƙin tun ba su yi nisa ba. Kafin magariba aka mayar da rana Asabar, ashirin da huɗu ga Janairu, cikin farkon Sha'aban. Lokacin sanyi ne, babu ruwan sama, babu zafin da ke narka kwalliya. Shekara guda cif daga ranar da suke, kwana ɗaya ne kawai babu.

Saudat ba ta manta bikin yayarta Khalida ba. An yi shi ne a watan Agusta, ruwa ya kwashe rumfar baƙi, tela kuma yana ɗinka hannun rigar amarya motoci na jira a waje. Khalida ta shiga ɗakinta fenti bai bushe ba, kwana uku tana ciwon kai. Har yanzu in an tuna ana dariya, amma Saudat ita ce ta riƙe wa yayarta mayafi tana kuka a ranar.

Washegari ta sayo babbar farar takarda irin wadda suke zane da ita a makaranta, ta manna a bangon ɗakin Gwaggo. Ta ja layuka, ta raba ta gida goma sha biyu. A can ƙasa ta rubuta ranar biki da jan biro.

"Me ya sa kika fara daga ƙasa?" in ji Gwaggo. "Mutane daga sama suke fara rubutu."

"Ita kaɗai ce ranar da muka sani, Gwaggo. Sauran duk daga gare ta za mu samo su. Ki gaya mini, lalle kwana nawa kafin biki?"

"Kwana biyu, uku. In ya wuce haka ya fara kodewa."

"Jere fa?"

"Mako guda."

"Toye-toye?"

"Alkaki da dublan da kak, kwana goma. Suna ajiyuwa."

Haka suka yi ta hawa sama. Ɗaurin auren hukuma a ofishin magajin gari, wanda kowa ke kira meri, ta sa shi ranar Alhamis kafin biki, ta rubuta a gefe cewa a je a tambayo takardun da ake bukata. Kai lefe, wata guda kafin biki. Katin gayyata, mako shida. Da suka zo kan ɗinki Saudat ta rubuta Disamba, sai Gwaggo ta kama hannunta.

"Goge. Telolin Chagoua a Disamba ba sa ganin kowa sai masu kayan Kirsimeti da sabuwar shekara. In kayanki ba su shiga hannun tela farkon Nuwamba ba, kin shiga layi."

"To atamfar anko ta iso a Oktoba ke nan."

"Daga Kano za ta zo, ta Maiduguri, ta tsallako ta Kusiri. Wani lokaci mako biyu, wani lokaci shida. Ki ba da saƙo a farkon Satumba."

Humra da turaren wuta, Gwaggo ta ce wata shida suke so su kwanta a kwalba kafin ƙanshinsu ya nuna, wato Yuli. Gado da kabad, a ba kafinta a Agusta ya gama a Oktoba. Amma kafinta sai ya auna ɗaki. Ɗaki kuwa sai an gina.

Nan biron Saudat ya tsaya.

Mukhtar mahauci ne, yana kai nama gidajen abinci uku a cikin gari, kuma yana da fili a Walia, ƙetaren kogin Shari. Abin da ke kan filin a lokacin shi ne harsashin ɗaki biyu da bishiyar darbejiya guda. Ranar Juma'a ya zo zance da yamma, sanye da farar jallabiya, yana ƙanshin turare da fara'a. Gwaggo ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta koma bakin murhu inda kunnenta zai iya kaiwa.

"Yaya Mukhtar, yaushe za a rufe ɗakunan Walia?"

"Haba, Malama, muna da shekara guda! In Allah ya yarda bayan damina zan kama aiki gadan-gadan."

"Bayan damina yaushe ke nan?"

"Oktoba, Nuwamba."

"Lokacin da kogi yake cika, motar yashi ba ta shiga unguwarku. Masu gasa bulo a bakin kogi kuma ba sa komawa aiki sai ƙasa ta bushe. Ka ce Disamba. A yi gini, a rufa, a yi shafe, ya bushe, a yi fenti, kafinta ya auna, duk a mako bakwai?"

Mukhtar ya gyara zama.

"Mu komo baya," in ji ta. "Kafinta yana son awo a Agusta. Ruwa yana sauka sosai daga ƙarshen Yuni, ke nan kwano ya hau kafin nan. Daga tsakiyar Mayu zuwa layya kai da Baba ba wanda zai gan ku, kuna kasuwar raguna. Maris azumi ne, ga zafi, magina rabin yini suke yi. Me ya rage?"

Ya ƙirga. "Fabrairu. Afrilu. Da rabin Mayu."

"Shekararka ke nan."

Ya cire hularsa ya fifita fuska da ita, duk da sanyin da ake yi. Daga bakin murhu Gwaggo ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Sha shayinka, ɗana. Mu ma haka ta yi mana."

"Akwai abin da ke gaban bulo," in ji Saudat, muryarta ta ɗan yi ƙasa. "Gwajin jini. Ni na san nawa, AS ce. In kai ma haka ne, gara mu sani a wata na farko."

Mukhtar ya daina murmushi. Ya ce bai taɓa yi ba. Ranar Litinin suka je asibiti, Gwaggo na biye da su. Kwana ukun da suka jira sakamako Saudat ba ta ƙara ko harafi ɗaya a takardar bango ba, ko kallonta ba ta son yi. Ranar Alhamis tana cikin aji wayarta ta yi motsi. Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ga hoton takarda da haruffa biyu, AA, a ƙasa kuma Mukhtar ya rubuta: "Na riga na yi odar bulo." Ɗalibanta suka rasa dalilin da ya sa Malama ta yafe musu aikin gida a ranar.

Tafiya meri ma ta yi amfani. Ma'aikaciyar da ta same su ta lissafa musu abin da za su kawo, ta ce a shigar da takardu da wuri domin ana manna sanarwa kwanaki kafin ɗaurin aure. Da ta zo kan takardar haihuwa sai Mukhtar ya sosa ƙeya. A ruga aka haife shi, lokacin mahaifinsa na bin shanu, ba wanda ya rubuta shi a ko'ina. Ta ce sai ya je kotu da shaidu biyu a yanke masa hukuncin da zai tsaya a madadinta, sannan a fitar masa da takarda. Abin ya ci wata biyu da rabi, da zuwa huɗu, da neman wani tsoho da ya halarci sunansa.

"Da sai a Janairun biki muka gano wannan fa?" in ji Saudat ranar da ya kawo mata takardar.

"Da na aure ki a masallaci, gwamnati kuma ta ce ba a haife ni ba."

Malam Shu'aibu dai bai ɗauki takardar bango da muhimmanci ba. Duk sanda ya zo gidan ƙanwarsa sai ya tsaya gabanta ya girgiza kai.

"Mu da aka yi namu auren, mako biyu aka shirya. Wannan kamar za a gina gada."

Wata rana bayan sallar azumi ya tsaya ya daɗe. Karatun boko bai dame shi ba, amma yana gane lambobi, ya kuma sa Gwaggo ta karanta masa sauran.

"Ina dabbobin yanka?"

"Ga su nan," in ji Saudat. "Janairu, mako biyu kafin biki."

"Wa ya gaya miki haka?"

"Ba kowa, Baba. Na ga kamar…"

"Kin ga kamar. A Janairu ciyawa ta bushe, dabba ta fara zubewa. Ƙarshen Oktoba ake saye, sanda suka dawo daga kiwon damina da ƙiba a jikinsu. A ɗaure su wata uku, dusa da ƙuli da harawa. Harawar kuma tun ana girbin wake da gyaɗa ake tara ta." Ya miƙa hannu. "Ba ni abin rubutun nan."

Ya ja nasa layin a gefen dama, ya rubuta da ajami daga ƙasa zuwa sama: yanka, ɗauri, saye, harawa. Gwaggo ta rufe baki da gefen mayafi.

"Yaya, ashe kai ma ka iya gina gadar."

"Wannan ai ba sabon abu ba ne. Shekara talatin ina yi. In ina son raguna su kai kasuwa kwana goma kafin layya, na san ranar da za su baro daji. Ban dai taɓa mannawa a bango ba."

Daga ranar ya daina girgiza kai. Har ya fara tambayar Mukhtar, in sun haɗu a kasuwar dabbobi, ina aka kwana a maganar kwano.

Kwano ya hau ranar goma sha biyu ga Mayu. Maginin, wani dattijo mai suna Abdallah da ya daɗe yana aiki a Walia, shi ya nace a ƙara wa harsashin tsawo da layin bulo huɗu a cika da ƙasa, Mukhtar ya yi ta ƙorafi amma ya yarda. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a Yuni, Mukhtar ya tsaya a tsakiyar ɗakin da babu ƙofa ya kira Saudat ya ɗaga wayar sama don ta ji ƙarar ruwa a kan kwano.

Yuli Gwaggo ta haɗa humra, gidan ya yi kwana uku ba a jin ƙanshin miya. Agusta kafinta ya je da klando, babur ɗin haya, ya auna ɗakuna, ya dawo da laka har gwiwa. Satumba aka aika saƙon atamfa. Duk abin da aka gama Saudat ta ja masa layi. Gida ɗaya ne kawai a takardar babu komai a cikinsa, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, in ban da ɗinki da ke hannun tela. Gwaggo ta sha tambayarta me za a yi a nan.

"Ba komai. Na bar shi ne don abin da ban sani ba."

A ƙarshen Oktoba kogi ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya shiga unguwannin Walia da ke gangare, mutane suka kwashe kaya suka hau tudu, wasu suka koma gidajen dangi a cikin gari. Mukhtar ya kwana biyu yana taya maƙwabta cika buhunan yashi. A rana ta uku ya zo Mardjandafak da wando a naɗe, idanunsa sun yi ja.

"Gidan yana nan. Ruwa ya zagaye shi, ya tsaya saura bulo ɗaya ya shiga. Amma sai da kwalekwale ake zuwa. Katangar baya ta faɗi, shafen waje ya jiƙe."

Ana cikin haka kafinta ya aiko cewa ya gama, a zo a kwashe, shagonsa ba wuri. Aka rasa inda za a kai gado da kabad da madubi, sai ɗakin Gwaggo. Aka jingina katifa a bango, aka tura kabad tsakiyar ɗaki, Gwaggo ta koma shiga makwancinta a karkace.

Da yamma Malam Shu'aibu ya zo, fuskarsa ba walwala. Raguna huɗu da sa guda suna ɗaure a gidansa tun mako guda da ya wuce.

"Bahijja, ina ganin a ɗaga bikin nan. A bari sai bayan sallah. Ba zan kai 'yata cikin tabo ba."

Gwaggo ta dubi Saudat. Bayan sallah yana nufin ƙarshen Maris, tsakiyar zafi, ga humra da ta nuna, ga dangi na Zinder da Garwa da aka riga aka gaya wa rana. Saudat ta matse ta bayan kabad ta isa gaban takardar.

"Baba, a ganinka yaushe ruwan zai janye?"

"In irin na shekarun baya ne, ƙarshen Nuwamba hanya ta buɗe. Mota ta shiga, sai farkon Disamba."

"Yaya Mukhtar, katanga kwana nawa?"

"Abdallah ya ce kwana goma, in akwai bulo. Akwai ragowar da muka ɗora a kan tudu."

"Shafe da bushewa?"

"Mako biyu. Iskar sanyi tana busar da shi da wuri."

"Fenti kwana uku, a bar shi ya sha iska kwana goma." Ta sa yatsa a ranar jere, goma sha bakwai ga Janairu, ta yi ta ja da baya tana ƙirgawa a fili. Yatsan ya tsaya a goma sha ɗaya ga Disamba. "In Abdallah ya fara kafin wannan rana, mun tsira. In mota ta shiga farkon Disamba, muna da rarar mako guda da 'yan kwanaki. Da na so a yi fenti a Nuwamba, amma ga wurin da za mu matsa shi."

Malam Shu'aibu ya matso, ya bi ƙirgen da nasa yatsan, leɓɓansa na motsi.

"In ranar goma sha ɗaya ta zo mota ba ta shiga ba fa?"

"Sai a ɗaga, Baba. Katin gayyata ba zai fita ba sai sha uku. Ba wanda zai ji kunya."

Ya ɗago kai ya ce, "Kalas, shi ke nan. Mu jira sha ɗaya."

Motar yashi ta shiga ranar huɗu ga Disamba. Ta kafe sau biyu, matasan unguwa suka tura ta, amma ta shiga.

Ranar da aka kawo katin gayyata daga wurin bugawa, Malam Shu'aibu yana zaune a ɗakin Gwaggo a kan hannun sabuwar kujerar amarya, don babu wani wurin zama. Ya sa Gwaggo ta karanta masa abin da ya rage a takardar, tun daga sama har ƙasa. Ta karanta: rumfa da kujeru, masu girki, lefe, meri, toye-toye, jere, lalle.

"Sake karantawa."

Ta sake.

"Ban ji dilka ba. Ban ji hayaƙin dukhan ba. Ke Bahijja, ba kwana arba'in kika tsare Khalida a ɗaki kina murza ta kina turara ta ba?"

Gwaggo ta saki takardar katin da ke hannunta. "Innalillahi! Ni da sana'ata! Kullum ina kallon bangon nan, hankalina na kan kabad."

Saudat ta dubi takardar. Ta rubuta ranar da za a sayo itacen girki, ta rubuta ranar da za a wanke tukwane, amma gyaran jikin amarya bai shiga ba. Wani abu ya sake faɗo mata, ta dafe kai.

"Ban nemi hutu a makaranta ba."

Malam Shu'aibu ya yi dariya har da tari. "Dabbobina sun fi ki gata. Su tun Oktoba suke hutawa."

Suka ƙirga. Kwana arba'in kafin biki ya kama goma sha biyar ga Disamba, jibi ke nan, ita kuwa tana da jarrabawar ƙarshen zango da za ta duba har ashirin ga wata. Ranar Litinin da sassafe ta je wurin shugaban makaranta da takardar neman hutu. Ya ce wadda ta saba hukunta ɗalibai kan makara ita ce ta zo a makare, ya ja mata rai na minti biyar, sannan ya sa hannu: daga hutun ƙarshen shekara ta zarce har mako guda bayan biki, wani malami zai riƙe mata azuzuwa, ita kuma ta rama masa a zango na uku. Gwaggo ta ce kwana talatin da huɗu ba arba'in ba ne, amma za ta ƙara wa dilkar ƙarfi.

Ranar ashirin da ɗaya ga wata Gwaggo ta ɓamɓare takardar daga bango, ta naɗe ta, ta miƙa wa yayanta.

"Daga yau ba ruwanta. In na ga biro a hannunta sai na karya."

Saudat ta shiga ɗaki. Da safe a murza mata dilka, da yamma ta zauna a kan ramin hayaƙin itace mai ƙanshi, lulluɓe da bargo, tana zufa. Kwanakin farko ta kasa zama lafiya. Tana jin sallamar mahaifinta sai ta ɗaga murya daga cikin bargo.

"Baba, an kai takardun meri?"

"An kai."

"Mai rumfa fa? A sake tuna masa, Janairu biki ya yi yawa."

"Na je da kaina jiya. Na ga rumfar, na ƙirga kujerun. Bahijja, ƙara mata hayaƙi, har yanzu tana magana."

Ashe dattijon ya ɗauki abin da zafi fiye da ita. Takardar na aljihun babbar rigarsa duk inda ya shiga. Tela ya ce bai taɓa ganin uban amarya da ya zauna masa a shago har sai da ya sa maɓallin ƙarshe ba. Mai fenti ya so ya ƙara kwana biyu, Malam Shu'aibu ya zaro takarda ya shimfiɗa masa a kan bokitin fenti, ya nuna masa ajami da boko, mutumin bai iya karanta ko ɗaya ba amma ya gama a ranar da aka ce.

An yi jere ranar sha bakwai. An je meri ranar Alhamis, Mukhtar ya riƙe takardar haihuwarsa da hannu biyu. Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Shu'aibu a Chagoua, mutanen kasuwar dabbobi suka cika layin har mota ba ta wucewa. Dangin Zinder sun iso tun Laraba, na Garwa ranar Juma'a. Naman ya isa har aka aika wa maƙwabta. Khalida ta zagaya ƙanwarta sau biyu tana duba ɗinkin, ta ce, "Ko zare ɗaya ba ya lilo. Ni kam an cuce ni." Bayan la'asar motoci suka tsallaka gada zuwa Walia, mata na guɗa, masu kamun kifi a ƙasa suna ɗaga musu hannu.

Washegari da safe Saudat ta fito tsakar gidanta. Sabon murhu, sabuwar tukunyar shayi, buhun gawayi a jingine, kwalin ganyen shayi da sukari a kan tire. Ta jera gawayi, ta duba kan tire, ta duba cikin kabad, ta zazzage kwandon kayan girki.

"Yaya Mukhtar, kana da ashana?"

Ya fito yana laluben aljihu. Babu. Suka tsaya suna kallon juna, ita da lalle har gwiwar hannu, shi da tukunyar shayi a hannu, sai dariya ta ƙwace musu.

Wata mata ta leƙo ta saman sabuwar katangar, da ɗankwali a karkace.

"Amarya, lafiya kuke dariya da sassafe? Ni ce Maman Lami, maƙwabciyarku. Mijinki ne ya taya mu tare ruwa."

"Ina kwana, Maman Lami. Wuta muka rasa."

Matar ta ɓace. Jim kaɗan ta shigo ta ƙofa da garwashi a cikin marfin kwano, da ƙosai mai zafi a ƙunshe cikin takarda. Ta juye garwashin a murhu, ta tsuguna tana fifitawa, tana gaya wa Saudat wace rijiya ce ruwanta ya fi daɗi a unguwar da kuma ƙarfe nawa mai kifi yake wucewa. Mukhtar ya ɗauko kofi na uku.